Mako goma sha shida da banki bai gani ba: yadda bashin mutum ɗaya ya durƙusar da rukunin mata biyar

Bankunan da ke ba masu ƙaramin ƙarfi rance suna fama da matsala guda tun asali. Wanda ya fi buƙatar jari shi ne wanda ba shi da gida ko fili ko albashin da za a riƙe a matsayin jingina. Mafitar da aka samo ita ce a tara mutane kaɗan da suka san juna, a ba kowa nasa rancen, amma su tsaya wa juna. Idan ɗaya ya kasa zubinsa na mako, sauran su cika. Idan ba su cika ba, an rufe wa dukansu ƙofar rance na gaba. Tsarin ya shahara ne ta hanyar bankin Grameen na Bangladesh, wanda ya samo asali daga gwajin da Muhammad Yunus ya fara a ƙauyen Jobra a 1976, ya zama cikakken banki a 1983, yana tara mata biyar-biyar. Daga can ya bazu duniya, kowace cibiya da irin gyaran da ta yi masa.

Lamarin da zan bi a nan na wani rukuni ne na mata biyar. Na sakaya sunayensu da na bankin, zan riƙa kiran kowacce da sana'arta. Na zaɓe shi ne don babu mugu a cikinsa. Babu wadda ta ci kuɗi ta gudu, babu jami'in da ya zagi kowa, amma duk da haka rukunin ya watse, kuma an yi wa wata abin da bai kamata a yi mata ba.

Yarjejeniyar

Kowacce ta karɓi 100,000. Banki ya ɗora kuɗin ruwa kashi 20 cikin 100 a kan uwar kuɗin, ya zama 120,000, a biya cikin mako 40. Zubin kowacce ke nan 3,000 a mako, na rukuni gaba ɗaya 15,000. Kafin a ba su rancen sai da kowacce ta ajiye 10,000 a matsayin ajiyar dole, wadda ba ta taɓuwa sai an gama biya. An yi musu alkawarin cewa idan suka kammala lafiya, zagaye na biyu kowacce za ta iya karɓar 150,000.

Kashi 20 ɗin nan yana da ruɗi. Ana lissafa shi ne a kan dukan 100,000 daga farko har ƙarshe, alhali kullum uwar kuɗin raguwa take yi a hannun mai bashi. Idan aka auna shi da abin da ya rage a kowane mako, ya kusa kashi 48 a shekara. Wannan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin yana nufin sana'ar kowacce dole ta riƙa juyawa da sauri, kuma rarar da ke saura mata bayan zubi ba ta da yawa. Daga wannan 'yar rarar ce ake sa ran za ta ɗauki nauyin wata.

A takardar da suka sa wa hannu akwai sharuɗɗa biyu da babu wadda ta tsaya a kansu a ranar. Na farko ya ce kowacce tana da alhakin bashin rukuni duka, ba tare da an faɗi iyaka ba. Na biyu ya ce jami'in rance ba ya karɓar zubin da bai cika ba, ko dai 15,000 cif ko kuma a rubuta rukunin bai biya ba.

Matan su ne shugabar rukuni, mai sayar da atamfa, wadda ta fi su ƙarfi. Sai mai shagon kayan masarufi. Sai mai gyaran gashi. Sai mai sayar da gwanjo, wadda ta fi kowa rauni kuma ita ke riƙe da gidanta. Sai ta biyar, mai ɗinki da ta yanke shawarar zuba rancenta a kiwon kaji.

Matsalar ta fara tun kafin kowa ya sani

Zubin farko yana zuwa ne mako guda bayan karɓar kuɗi. Mai shago tana ciniki kullum, don haka wannan bai dame ta ba. Kajin nama kuwa sai sun yi wajen mako shida zuwa takwas kafin su kai sayarwa, kuma a tsawon wannan lokacin ci kawai suke yi. Saboda haka mai kaji ta biya zubin makonnin farko daga cikin uwar kuɗin da ta ranto da kuma ɗan abin da kekenta na ɗinki ke kawowa. Garken farko ya fita lafiya, ta samu 'yar riba, ta mayar da komai a garke na biyu, mafi girma. A mako na goma sha ɗaya annoba ta shiga kejin, cikin kwanaki kaɗan yawancinsu suka mutu. A daidai lokacin ɗanta ya kwanta asibiti.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta biya mako na goma sha biyu da na sha uku da kuɗin da ta sayar da ragowar kajin. Wannan ɓoyewar ana yawan ganinta, kuma dalilinta a fili yake: wadda ta faɗi cewa jarinta ya karye ta san daga ranar ta zama kaya a wuyan ƙawayenta. Don haka sai ta yi shiru, tana fatan wani abu zai faɗo.

Mako na goma sha huɗu ta zo taro hannu rabbana. A lokacin ta biya 39,000, saura 81,000 a kanta, wato zubin mako 27. Jami'in ya ƙirga kuɗin da ke kan tabarma, ya samu 12,000, ya rufe littafinsa ya ce zai jira. Bai ɗaga murya ba. Zama kawai ya yi, kuma dokar taron ita ce ba mai tashi sai kuɗi sun cika. Kowace mintin da ta wuce, shagon wata yana rufe, mai son gyaran gashi tana jiran wata. Bayan kamar rabin sa'a shugaba ta kwance bakin zaninta ta ce:

"Ku kawo ɗari bakwai da hamsin-hamsin, mu rufa wa 'yar'uwarmu asiri. Bashi hanji ne, yau ita ce gobe wata."

Suka cika. Jami'in ya rubuta cewa rukuni ya biya duka, a kan lokaci.

A wannan ranar tsarin ya yi aikin da aka gina shi domin sa, kuma ya kamata a faɗi haka. Da a ce matsalar mai kaji ta mako ɗaya ce ko biyu, kamar jinkirin biyan wani kwastoma, da an cike mata, ta dawo ta rama, sunanta bai ɓaci ba, banki bai yi asara ba. A matsayin kariya daga tuntuɓe na ɗan lokaci, tsaya wa juna abu ne mai kyau. Sai dai nata ba tuntuɓe ba ne. Jarin ya mutu, kuma babu wata hanya da zubin 3,000 zai dawo daga hannunta a mako mai zuwa ko wata mai zuwa. Babu wanda ya yi wannan tambayar a taron, domin tsarin bai ba kowa dalilin yin ta ba. Jami'in ya samu kuɗinsa, matan kuma suna son su koma bakin sana'arsu.

Yadda tausayi ya koma matsi

Mako shida suka yi suna cikawa, daga na sha huɗu zuwa na sha tara. Kowacce ta fitar da 4,500, jimilla 18,000. Ƙarin 750 a kan 3,000 kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ga shugaba wannan ragin riba ne kawai. Ga mai gwanjo kuwa kuɗin cefane ne, kuma daga mako na sha bakwai ta fara karɓar ɗan bashi a hannun mai ba da kuɗi da ruwa don ta cika nata da na wata. Ita ma ba ta faɗa ba.

Abin da ya fi canja zukata shi ne lissafi. Wata rana mai shago ta zauna ta raba 81,000 gida huɗu, ta ga 20,250 ne zai fita daga aljihun kowacce idan aka ci gaba a haka har ƙarshe. Wannan ya fi dukan kuɗin ruwan da ke kan nata rancen. Daga ranar magana ta sauya. Aka fara tambayar ko da gaske kajin sun mutu, ko dai mijinta ne ya karɓe kuɗin. Aka lura ta sa sabon mayafi ranar taro. Aka fara cewa tunda tana da kuɗin mota zuwa asibiti, to tana da na zubi.

Ina so a fahimci wannan sa-idon da kyau, domin ba mugun hali ne na waɗannan matan ba. Shi ne ainihin abin da banki ya saya da tsarin. Masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana shi: Joseph Stiglitz ya yi rubutu a 1990 a kan yadda 'yan rukuni ke sa wa juna ido fiye da yadda banki zai iya, tunda sun san abin da ke shiga gidan juna da abin da ke fita. Banki ba zai iya tantance wadda ta kasa da wadda ta ƙi ba, maƙwabciya za ta iya. Amma akwai abin da hujjar ba ta lura da shi sosai ba. Maƙwabciyar da za ta yanke wannan hukuncin ita ce kuma za ta biya idan ta yanke cewa kasawa ce ta gaskiya. Alƙalin da kuɗin tara za su fita daga aljihunsa idan ya wanke wanda ake ƙara, da wuya ya wanke shi. Matan nan sun san kajin sun mutu, biyu daga cikinsu sun ga kejin da idonsu. Duk da haka gaskatawar ta yi musu tsada.

Ita kuma mai kaji ta daina zuwa taro daga mako na sha takwas. Ta daina bi ta layin da shagon ƙawarta yake. Idan ta ji sallama sai ta tura yaro ya ce ba ta nan. Rashin zuwan nata sai ya zama hujja a wurinsu cewa ta raina su, alhali kunya ce ta hana ta.

A mako na ashirin jami'in ya sake zaman jira, wannan karon ya fi sa'a biyu. Da shugaba ta roƙe shi ya karɓi 12,000 ya bar sauran, sai ya ce:

"Hajiya, wallahi ba ni da ikon karɓar rabi. Ni ma ana duba littafina a ofis. Ku kuka zaɓo ta, ku kuka san gidanta."

Gaskiya ya faɗa. Ana auna jami'in rance da yawan kuɗin da ya tara a kan lokaci da kuma ƙarancin bashin da ya makara a hannunsa, kuma sau da yawa alawus ɗinsa a nan yake rataye. Bai ce su je gidanta ba, bai kuma buƙaci ya faɗa ba.

Da yamma su huɗu suka je. Sun same ta a kan keke tana ɗinka wa wata yarinya rigar makaranta. Mai gyaran gashi ce ta fara magana, ta ce sun gaji, su ma suna da 'ya'ya. Mai kaji ta ce:

"Yaya, ku bar mini keken nan. Da shi nake samun na abinci, kuma ko dubu ɗaya ce zan riƙa kawo muku duk mako."

Shugaba ta sunkuyar da kai, ta ce banki ba ya karɓar dubu ɗaya. Suka jira ta gama haɗa hannun rigar, ta yanke zare, sannan suka kira yara biyu suka ɗauki keken. Maƙwabta suna tsaye a ƙofa suna kallo.

An sayar da shi 24,000, wanda ya biya zubinta na mako takwas, daga na ashirin zuwa na ashirin da bakwai. Ba ni da shakkar cewa wannan ne mataki mafi muni a lamarin duka, ko da an ajiye maganar mutunci an duba kuɗi zalla. Keken shi ne kaɗai abin da ya rage mata da ke haifar da kuɗi. An musanya hanyar samun da za ta iya biya a hankali na tsawon lokaci da hutun mako takwas. Sannan bankin da ya ce ba ya karɓar jingina, ga shi an karɓo masa jingina, ta hannun mutanen da ba su da izinin kotu, ba tare da an ƙiyasta darajar kayan ba, kuma babu inda aka rubuta hakan. A littafi dai rukuni yana biya duka, a kan lokaci.

Inda lissafi ya juye

Mako na ashirin da takwas kuɗin keke suka ƙare. A wannan makon ne kuma mai gwanjo ta fashe da kuka a taro, ta ce mai kuɗin ruwan da ta ranta a wurinsa ya ɗauke dilar kayanta, ba ta da ko sisi. Masu kasawa sun zama biyu, masu biya uku. Gibin ya koma 6,000 a mako, kowacce cikin ukun za ta ƙara 2,000, zubinta ya zama 5,000.

A nan ya kamata a tsaya a duba abin da ke gaban mai shago, wadda ba ta taɓa makara ko sau ɗaya ba. Saura mako 13. Nata bashin 39,000 ne. Rabonta na bashin sauran biyun 26,000. Idan tana son sunanta ya fita fes ta samu rancen 150,000, sai ta biya 65,000, kuma ko ta yarda, ba ta da tabbacin cewa mai gyaran gashi za ta iya jurewa. Idan ita ma ta faɗi, komai zai koma kan mutum biyu, kuma duk abin da aka zuba kafin nan ya tafi a banza, tunda za a rufe wa rukuni ƙofa ko ta halin ƙaƙa. To me zai sa ta ci gaba da zuba nata ma?

Masana tattalin arziki Timothy Besley da Stephen Coate sun nuna wannan a 1995. Tsaya wa juna yana iya ƙara yawan biyan bashi idan masu ƙarfi za su iya ɗaukar mai rauni, amma idan nauyin ya wuce wani mizani yana iya sa wadda da za ta biya nata lafiya ita ma ta ajiye. Abin da ke riƙe mai biya shi ne ƙimar rance na gaba da ajiyarta. Da zarar kuɗin da ake nema a wurinta ya fi waɗannan daraja a idonta, ko ta yanke ƙauna cewa rukunin zai kai ƙarshe, igiyar ta tsinke. Haka abin yake yaɗuwa daga rukuni zuwa rukuni idan masifa ta shafi yanki guda. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, bayan rahotannin matsin karɓar bashi da na masu bashin da suka kashe kansu, gwamnatin jihar ta kafa doka a watan Oktoba da ta taƙaita yadda ake karɓar zubi, kuma biyan bashi ya faɗi warwas cikin ɗan lokaci, a wurin da kafin nan ake alfahari da cewa kusan kowa yana biya.

Ukun sun daure mako biyu, suka fitar da ƙarin 12,000. A mako na talatin mai shago ta ajiye 3,000 ta ce nata ke nan, ba za ta ƙara ko kwabo ba. Jami'in ya ce ba ya karɓar rabi. Ta ɗauke kuɗinta ta mayar jaka, sauran biyun suka yi haka. Mako uku a jere ba a biya komai ba. Sharaɗin da aka sa don ya tilasta cikawa shi ne ya mayar da kuɗin masu son biya gida.

Sai a lokacin ne rukunin ya bayyana a rahoton reshe a matsayin mai matsala. Daga mako na sha huɗu zuwa na ashirin da tara, mako 16 ke nan, mace ɗaya ba ta biya ko sau ɗaya daga samunta ba, an sayar da kekenta, wata ta faɗa hannun mai kuɗin ruwa, kuma a idon banki wannan rukuni ne abin koyi. Duk lokacin da na ji wata cibiya tana cewa kashi 98 ko 99 na masu bashinta suna biya, abin da nake son sani shi ne daga aljihun wa kuɗin suka fito.

Sulhu

Manajan reshe ya zo da kansa, ya zauna da kowacce ita kaɗai, abin da ba a taɓa yi ba tun farko. Saura zubin mako 11, wato 33,000 a kan kowacce. Ya cire ajiyar dole ta masu kasawar biyu, 10,000-10,000, ya rage 23,000 a kan kowacce, ya shimfiɗa musu shi a kan 1,000 duk mako na tsawon mako 23. Sauran ukun aka ce kowacce ta biya nata kawai, amma an riƙe ajiyarsu har sai biyun sun gama. Mai kaji ta samu aikin ɗinki a shagon wani tela ana biyanta da guda, daga nan take fitar da dubu ɗayan. Dubu ɗayan da ta yi tayi tun ranar da aka zo ɗaukar kekenta.

Wani zai ce to me ya hana a yi hakan tun mako na sha huɗu? Amsar tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. A lokacin bashin 81,000 ne. Ko an cire ajiyarta, saura 71,000, kuma a 1,500 duk mako sai ya ɗauki kusan shekara. Kuɗin banki za su daɗe a waje, shi ma kuwa rantowa ya yi ko ajiyar wasu ce. Sannan idan labari ya bazu cewa duk wadda ta kawo uzuri ana sassauta mata, wasu za su ƙirƙiro uzuri. Wannan fargabar gaskiya ce. Amma maganinta shi ne jami'i ya taka ya je ya ga kejin da takardar asibiti, ya rubuta abin da ya gani. Aiki ne na rabin yini. Tsarin da ake kai ya ɗauke wa banki wannan wahalar ne, ya ɗora asarar a kan mata huɗu waɗanda ɗaya daga cikinsu ba ta fi mai kajin ƙarfi ba.

Ba ni kaɗai ke ganin haka ba. Shi kansa Grameen, bayan ambaliyar da ta mamaye Bangladesh a 1998 ta jefa masu bashinsa da yawa cikin kasawa, ya sake fasalin tsarinsa, kuma zuwa 2002 ya kafa abin da aka sani da Grameen na biyu. A cikinsa wadda ta shiga matsala tana iya komawa rance mai sassauci, a sake tsara mata zubi daidai ƙarfinta, kuma bankin ya bayyana cewa ba a tilasta wa 'yar rukuni biyan bashin wata. Sannan masana tattalin arziki Xavier Giné da Dean Karlan sun yi gwaji da wani banki a ƙasar Filifin, inda aka cire sharaɗin tsaya wa juna a wasu rukunonin masu rance da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'ar sa'a, aka bar shi a wasu. Bayan shekara uku ba a ga ƙarin kasa biya ba a inda aka cire shi. Sai dai a kula, an ci gaba da taron mako-mako a dukansu, kowa yana biya a gaban kowa. Abin da gwajin ya nuna shi ne taro da sanayya da kwaɗayin rance na gaba suna iya riƙe mutane ba tare da an ɗora musu bashin wani ba. Bai nuna cewa rukuni ba shi da amfani ba, kuma ƙasa ɗaya ce da banki ɗaya.

Alamomin da aka wuce

Da akwai mai dubawa, da an gane da wuri. Alama ta farko tana nan tun ranar cike fom: sana'ar da ba ta kawo kuɗi sai bayan wata biyu an ɗora mata zubin da ke farawa bayan kwana bakwai. Irin wannan rancen yana buƙatar a ɗaga masa ƙafa a farko, ko a tsara zubinsa da lokacin sayarwa. Ta biyu ita ce taron da ya saba ƙarewa cikin minti ashirin ya koma sa'a guda. Ta uku ita ce mace ta daina zuwa amma zubinta yana ci gaba da cika. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi sauƙin kamawa, kuma abin da ake buƙata bai wuce layi ɗaya a littafin jami'i ba, inda zai rubuta wadda ta biya da hannunta da wadda aka cika wa. Idan an cika wa mutum ɗaya sau uku a jere, a daina ɗaukarsa a matsayin harkar rukuni, a kai wa manaja.

Ga wadda za ta shiga irin wannan rukuni kuwa, tambayar da ta fi kowacce muhimmanci kafin sa hannu ita ce iyakar lamunin. Akwai bambanci mai girma tsakanin a ce za ki cika wa 'yar'uwarki zubi uku ko huɗu, ko a ce ajiyarki ce kawai ke tsaye mata, da a ce bashinta duka yana kanki. Na farkon za ki iya lissafa shi yau ki ga ko za ki iya ɗauka. Sai kuma a tambaya ko ana karɓar zubin wadda ta kawo nata idan na wata bai zo ba, da abin da ake yi idan rashin lafiya ko mutuwa ko gobara ta faɗo. Kuma tun ranar farko rukuni ya samu ɗan littafinsa na kansa, duk cikon da aka yi a rubuta shi bashi ne, da adadi da ranar da ake sa ran ramawa.

Wannan littafin ne rukunin nan bai da shi. Jimillar abin da aka cika daga aljihu 30,000 ne, 18,000 a zangon farko da 12,000 a na biyu, kuma sulhun manaja bai taɓo shi ba, domin a wurin banki kuɗin an riga an biya. Mai shago tana ganin ana riƙe mata 8,500. Mai kaji tana ganin kekenta ya fi abin da aka sayar da shi, don haka ita ce ma ke bin su. Har yau ba su daidaita ba, kuma ba sa gaisawa.

Da zagaye na biyu ya zo, shugaba da mai gyaran gashi suka kafa sabon rukuni da wasu mata uku, dukansu masu shago tsayayye. Sun ce a fili ba za su ƙara ɗaukar mai kiwo ba, ko wadda ke riƙe da gida ita kaɗai, ko mai yaro marar lafiya. Mai gwanjo, wadda ta gama biyan 23,000 ɗinta ba tare da ta tsallake mako ɗaya ba, ta nemi shiga rukunoni biyu, duka suka ce mata sun cika.